Wannan Takardar Taka Ce? Tambayar da Manhajoji Kan Manta Su Yi

A watan Mayun 2019 wani mai harkar gina gidaje a jihar Washington ta Amurka ya lura da wani abu a adireshin takardun da kamfanin First American ke aika wa abokan hulɗarsa ta imel. Kamfanin na cikin manyan masu inshorar mallakar gidaje a ƙasar, kuma duk cinikin gidan da ya bi ta hannunsa, takardun mai saye da na mai sayarwa sukan zauna a wurinsa. Adireshin kowace takarda yana ƙarewa ne da lamba. Idan mutum ya canja harafi ɗaya na lambar, sai takardar wani ta buɗe masa, mutumin da bai taɓa sani ba. Ba a neman kalmar sirri, ba a tambayar ko wane ne.

Ya nemi kamfanin bai sami kan su ba, sai ya kai maganar ga Brian Krebs, ɗan jaridar nan mai bin diddigin tsaron intanet, wanda ya buga labarin ranar 24 ga watan. Takardun da ke a buɗe sun kai kusan miliyan 885, mafi tsufa a cikinsu tun 2003. Akwai lambobin asusun banki, da bayanan shige da ficen kuɗi, da takardun haraji, da rasit na tura kuɗi, da hotunan lasisin tuƙi. Babu wanda ya fasa wani kulle, babu wata ƙwayar cuta da aka saka wa kwamfuta. Wanda ya iya ƙirga ɗaya, biyu, uku ya iya karanta su.

Masana tsaro suna kiran wannan ɓaraka IDOR, kuma tana cikin babban dangin kurakuran da suka shafi rashin tantance wa ke da izinin taɓa me. Gidauniyar OWASP, wadda ke fitar da jerin manyan haɗurran manhajojin intanet guda goma, ta sa wannan dangi a sahun farko a jerinta na 2021. A jerin da ta ware wa API kuwa, na 2019 da na 2023, wannan ɓarakar ce ta ɗaya a duka biyun, da sunan BOLA. Abin mamaki shi ne ba wani kuskure ne mai zurfi ba. Tambaya ɗaya ce aka tsallake.

Tambayoyi biyu, ba ɗaya ba

Manhajar da ke cikin wayarka, ta banki ce ko ta makaranta ko ta sayayya, ba ita ke riƙe da bayananka ba. Bayanan suna can a babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira uwar garke. Duk lokacin da ka taɓa wani maɓalli, manhajar takan aika wa uwar garke ɗan gajeren saƙo ta ce a ba ta kaza, uwar garke ta maido amsa, manhajar ta ƙawata amsar ta nuna maka. Ƙofar da waɗannan saƙonni ke shiga su fita ita ce API. Ga yadda saƙon yake idan ka nemi ganin rasit ɗinka:

```
GET /api/rasit/1042
Authorization: Bearer eyJhbGciOi...
```

Layin farko yana faɗin abin da ake so: rasit mai lamba 1042. Layi na biyu shaidar shiga ce, wani dogon rubutu da uwar garke ta ba wayarka lokacin da ka saka sunanka da kalmar sirrinka, don kada ta riƙa tambayarka a kowane motsi.

Da saƙon ya iso, akwai tambayoyi biyu da ya kamata uwar garke ta yi. Ta farko: wane ne wannan, shaidarsa ta gaskiya ce? Ta biyu: rasit na 1042 nasa ne, ko aƙalla an ba shi izinin ganinsa? A First American duka biyun ba a yi su ba. Amma abin da ya fi yawa a manhajoji shi ne a yi ta farko da kyau a manta da ta biyu. Kamar mai gadin wurin ajiyar babura ne a bakin kasuwa, wanda ya tabbatar kana da tikiti a hannu kafin ka shiga, amma da ka fito da babur bai duba ko lambar tikitin ta dace da lambar da ke jikinsa ba. Duk mai tikiti ɗaya na halal zai iya kwashe baburan wurin.

Mutum zai ce, to ai manhajar ba ta nuna mini wurin da zan rubuta lambar wani ba. Gaskiya ne, kuma nan ne magina manhaja da yawa suke yaudarar kansu. Allon wayarka yana nuna maka rasit ɗinka kaɗai, saboda haka sai magini ya ɗauka babu hanyar neman na wani. Amma saƙon daga na'urar mai amfani yake fitowa, kuma duk abin da ya fito daga na'urarsa yana da ikon gyara shi kafin ya tafi. Uwar garke ba ta ganin allo, ba ta san wane maɓalli aka ɓoye ba. Saƙo kawai take gani. Idan aka aiko mata 1043 a madadin 1042, ba ta da hanyar sanin cewa da hannu aka canja, sai fa idan ta tsaya ta duba mai shi.

Me ya sa ake yawan mantawa? Tambaya ta farko sau ɗaya ake gina ta, a bakin ƙofa, kuma akwai kayan aikin da aka riga aka rubuta masu yin ta. Ta biyu kuwa babu wanda zai rubuta maka ita, domin ta dogara da yadda sana'arka take. A asibiti likita na iya ganin fayil ɗin marar lafiyarsa amma ba na sashen da ba nasa ba. A makaranta uba na iya ganin sakamakon 'ya'yansa uku, malami na ajinsa, shugaban makaranta na kowa. Wannan ƙa'ida sai an maimaita ta a kowace ƙofa, kuma manhaja mai matsakaicin girma tana iya samun ƙofofi ɗaruruwa. Ɗaya aka manta, ta isa. Sannan kuskuren ba ya nuna kansa: manhajar tana aiki lafiya lau, kowa na ganin kayansa, babu mai ƙorafi.

Labarin First American yana da wani ɓangare da ya fi ba ni takaici fiye da yawan takardun. Binciken hukumomin Amurka ya nuna cewa ɓarakar ta samo asali ne tun 2014, kuma ma'aikatan tsaron kamfanin da kansu sun gano ta a wani gwaji a ƙarshen 2018. Sai aka shigar da ita a matsayin ƙaramin haɗari. Hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ta zargi kamfanin da cewa takardu goma kacal aka duba cikin miliyoyin da ke buɗe kafin a yanke cewa babu abin tayar da hankali. A 2021 hukumar hada-hadar hannayen jari ta Amurka ta ci kamfanin tarar da ba ta kai rabin dala miliyan ba, a 2023 kuma ya sasanta da New York a kan dala miliyan ɗaya. Wanda ya gwada lambobi kaɗan ya ga takardu marasa muhimmanci bai auna ɓarakar ba. Ana auna ta ne da abin da ke bayan dukan lambobin.

Gyaran da ba gyara ba

A farkon 2021 wani mai bincike, Jan Masters na kamfanin Pen Test Partners a Birtaniya, ya gano cewa API na Peloton, masu sayar da kekunan motsa jiki, yana bayar da bayanan mutane ga duk wanda ya tambaya: shekaru, jinsi, garin zama, nauyin jiki, har da na waɗanda suka saita shafinsu a matsayin na sirri. Ya sanar da kamfanin. Abin da suka fara yi shi ne suka ce daga yanzu sai wanda ya shiga da asusu zai sami amsa. Amma ai kowa na iya buɗe asusu. Sun ƙara tambaya ta farko, ta biyu tana nan babu ita, kuma sai da labarin ya kai ga 'yan jarida aka kammala gyaran.

Akwai wani rabin gyaran da ya fi wannan farin jini, wato a daina amfani da lambobi masu bin juna. Maimakon 1042 sai a ba rasit suna irin `7c9e6679-7425-40de-944b-e07fc1f90ae7`, abin da ake kira UUID. Wannan yana da amfaninsa, ba na musu. Idan an samar da shi ta hanyar da ta dace, babu mai iya cankarsa, kuma ya hana a zauna a ƙirga daga ɗaya zuwa miliyan. Amma sunan ba sirri ba ne. Yana fitowa a adireshin da aka tura wa aboki, a tarihin burauza, a hoton allo da aka saka a zauren hira, kuma sau da yawa wata ƙofar ta API ɗin ita da kanta take bayar da jerin sunayen. Tsohon ma'aikacin da aka sallama ma yana iya riƙe da waɗanda ya taɓa gani. Duk wanda ya sami sunan ya sami takardar, matuƙar ba a duba mai ita. Har gara wannan da wata dabarar, ta juya lambar zuwa wani rubutu mai kama da sirri: `MTA0Mg==` ba komai ba ne illa 1042 a tsarin base64, kuma mai gwaji zai gane shi da kallo ɗaya.

Gyaran gaskiya gajere ne ƙwarai. Ga umarnin da manhaja mai ɓaraka take bai wa rumbun bayananta:

```sql
SELECT * FROM rasit WHERE id = ?
```

Ga kuma na wadda aka gyara:

```sql
SELECT * FROM rasit WHERE id = ? AND mai_shi = ?
```

Na farko ya ce a kawo rasit mai wannan lamba. Na biyu ya ce a kawo shi idan na wannan mutumin ne. Inda gizo ke saƙa shi ne daga ina aka samo sunan mai shi ɗin. Dole ne uwar garke ta ciro shi daga shaidar shigar da ita ta bayar kuma ta tantance. Idan ta karɓe shi daga cikin saƙon, a ce manhajar tana aiko `user_id=88` ana yarda da ita, to an dai matsar da ɓarakar ne gefe guda, mai kutse zai canja 88 ɗin kamar yadda ya canja 1042.

Gwaji da asusu biyu

Na'urorin da ke binciken manhaja da kansu ba su cika kama wannan kuskure ba. Na'ura ta aika buƙata, ta sami amsa mai kyau, ba ta da yadda za ta san cewa bai kamata wannan mutumin ya ga wannan takardar ba. Shi ya sa aikin ya fi dacewa da ɗan Adam, kuma shi ya sa ya zama wurin da mai koyo zai fara, domin ba ya buƙatar lissafi mai wuya ko iya rubuta manhaja.

Wurin koyo ba manhajar bankinka ba ce. OWASP tana da wani shagon sayar da lemo na ƙarya mai suna Juice Shop, wanda Björn Kimminich ya gina da gangan cike da ɓaraka don a koyi aiki a kansa. Wanda ke da Docker a kwamfutarsa zai tayar da shi da layi ɗaya:

```
docker run --rm -p 127.0.0.1:3000:3000 bkimminich/juice-shop
```

Sai ya buɗe `http://localhost:3000` a burauza. Shagon a cikin kwamfutarsa yake, ba ya taɓa kowa. Wanda kwamfutarsa ba za ta ɗauka ba yana da Web Security Academy na kamfanin PortSwigger, kyauta ne, a burauza ake yin darussansa, kuma akwai sashe guda a kan wannan batu.

Ka buɗe asusu biyu. Mu kira su Audu da Binta, sunayen gwaji ne kawai. Kada ka buɗe su a shafuka biyu na burauza ɗaya, domin shafukan suna raba shaidar shiga ɗaya, sai ka yi ta gwada Audu da Audu kana zaton Binta ce. Ka sa ɗaya a Firefox ɗaya a Chrome, ko ɗaya a tagar sirri. Sannan kowanne ya saka abu dabam a kwandonsa: Audu lemon tuffa guda biyu, Binta na ayaba guda biyar. Wannan bambancin shi ne zai ba ka hujja daga baya, don haka kada ka raina shi.

Yanzu a ɓangaren Audu ka latsa F12, ka zaɓi shafin Network, ka buɗe kwando. Za ka ga saƙonni suna jeruwa. Cikinsu akwai mai kama da `GET /rest/basket/6`. Lambar da za ka gani tana iya bambanta. Ka yi haka a ɓangaren Binta ka rubuta tata, a ce 7 ce. Gwajin gaba ɗaya shi ne ka aika saƙon Audu, da shaidar Audu, amma da lambar Binta. A Firefox, idan ka danna saƙon da maɓallin dama na linzami, akwai Edit and Resend, wanda zai ba ka damar gyara adireshin ka sake turawa. Ko kuma ka yi da curl:

```
curl -i -H "Authorization: Bearer SHAIDAR_AUDU" \
  http://localhost:3000/rest/basket/7
```

A Juice Shop amsar za ta zo da lamba 200, alamar an biya buƙata, kuma a cikinta za ka ga lemon ayaba guda biyar. Audu ya ga kwandon Binta. Da manhajar lafiyayya ce, da ta maido 403, wato an san ka amma an hana ka, ko 404, wato babu wannan abu. Wasu kamfanoni sun fi son 404 don kada ma su tabbatar wa baƙo cewa abin yana nan. GitHub haka yake yi idan ka nemi ma'ajiyar sirri da ba taka ba.

Bayan wannan sai ka sake tura saƙon ba tare da layin shaidar ba sam. A nan Juice Shop zai ce 401, ba a san ka ba. Ka ga ke nan shagon yana yin tambaya ta farko, ta biyu ce ba ya yi, irin halin da Peloton ya shiga bayan gyaransa na farko. Da ya amsa babu shaida, da irin na First American ne.

Karatu kawai muka gwada. Wanda ya fi haɗari shi ne rubutu. A shagon akwai wurin bayar da ra'ayi, Customer Feedback. Ka rubuta wani abu a matsayin Audu ka duba saƙon da ya tafi zuwa `/api/Feedbacks`. Wannan karon lambar ba a adireshi take ba, tana cikin jikin saƙon, a wani gurbi mai suna `UserId`. Ka canja ta zuwa ta Binta ka tura, za a ajiye ra'ayin da sunan Binta, alhali ba ta san an yi ba. A shagon lemo abin dariya ne. A manhajar da ake canja lambar wayar da ake tura wa lambar tabbatarwa, wannan kuskuren shi ne hanyar ƙwace asusun mutum ɗungurungum. Saboda haka duk inda ka gwada GET, ka gwada PUT da PATCH da DELETE, domin magini yakan tuna da tsare ɗaya ya manta da sauran. Kuma a kan kayan Binta ta gwaji kaɗai ake gwada gogewa.

Akwai kuma gwaji na sama da ƙasa. Audu da Binta matsayinsu ɗaya, amma manhaja tana da masu kula da ita, kuma suna da ƙofofinsu, irin su `/api/admin/users`. Idan kana gwada manhajar da kake da asusun mai kula a cikinta, ka yi wani aiki da shi, ka kwafi saƙon, ka cire shaidarsa ka saka ta Audu. Sau da yawa abin da ya raba talaka da mai kula bai wuce maɓallin da aka ɓoye a allo ba.

Inda mai koyo ke ruɗewa

Lamba 200 ba hujja ba ce. Wasu manhajojin suna maido 200 amma jikin amsar fanko ne, ko kuma yana ɗauke da saƙon ƙi. Wasu kuma ba sa ma kallon lambar da ke adireshin: duk abin da ka rubuta, kayanka za su ba ka, saboda daga shaidarka suke gane ka. Mai gaggawa zai ga amsa ta cika da bayanai ya yi murna, alhali lemon tuffar Audu yake kallo. Amfanin bambanta kwandunan ke nan. Sannan akwai abin da dama na kowa ne, kamar farashin kaya ko sunan da mutum ya zaɓa a gani a shafinsa. Ganin wannan ba ɓaraka ba ce. Kafin ka fara, ka rubuta a takarda abin da ya kamata Audu ya iya da wanda bai kamata ba, domin in babu wannan ba ka da ma'auni.

Haka kuma 403 ba tabbacin lafiya ba ne. Akan sami manhajar da take aiwatar da canjin tukuna sannan ta duba izini, ta maido ƙi bayan aikin gama ya gama. Idan ka gwada rubutu, ka koma ɓangaren Binta ka duba da idonka ko wani abu ya canja. Kuma takarda ɗaya takan sami hanyoyi da yawa: ta allo, ta sauke PDF, ta bincike, ta tsohon tsarin API da aka bari saboda masu tsofaffin wayoyi. Idan `/v2/` ya hana, ka gwada `/v1/`. A ganina maɓallin sauke takarda shi ne wurin da ya fi cancantar a fara dubawa, saboda galibi daga baya ake liƙa shi, kuma fayilolin sukan zauna a wani wuri dabam da ba ya bin ƙa'idar sauran manhajar.

Idan ƙofofin sun yi yawa, yi da hannu zai gajiyar. Burp Suite yana da nau'in kyauta, akwai kuma ZAP. Dukansu suna zama tsakanin burauza da uwar garke suna nuna maka kowane saƙo. A Burp akwai ƙarin kayan aiki mai suna Autorize: ka ba shi shaidar Audu, ka yi ta yawo a manhajar a matsayin Binta, shi kuma yana maimaita kowane saƙo da shaidar Audu da kuma babu shaida, yana kwatanta amsoshin. Yana rage wahala sosai, amma abin da ya yi wa alama sai ka buɗe ka karanta da kanka.

Iyaka

Sauƙin wannan gwaji shi ne tarkonsa. A 2010 wasu mutum biyu a Amurka suka lura cewa shafin kamfanin sadarwa na AT&T yana bayar da adireshin imel ɗin mai iPad idan aka ba shi lambar katin layin da ke cikin na'urar. Suka rubuta ɗan umarnin da ke jera lambobi, suka tattara imel kusan 114,000, suka kai wa 'yan jarida. Ɗaya daga cikinsu, Andrew Auernheimer, an yanke masa ɗaurin wata 41 a 2013. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014, amma bisa dalilin cewa ba a jihar da ta dace aka yi shari'ar ba. Ya riga ya kwashe fiye da shekara a gidan yari.

A Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan shiga tsarin kwamfuta ba da izini ba, kuma babu mai hankalin da zai so ya je gaban alƙali yana bayanin cewa lamba ɗaya kawai ya canja. Wuraren gwaji uku ne: manhajar koyo, manhajar da kai ka gina, da wadda mai ita ya ba ka izini a rubuce, ko kai tsaye ko ta shirin da kamfani ke buɗewa na biyan lada ga masu gano ɓaraka. Ko a can ɗin, da asusunka biyu za ka yi aiki. Idan bisa tsautsayi bayanan wani mutum na gaskiya suka bayyana maka, ka tsaya nan, kada ka ƙara lamba ta gaba don ka tabbatar, kada ka ajiye abin da ka gani.

Masu manhaja su ma doka ta hau kansu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka sami fallasar da ke iya cutar da mutane. Kuma wannan nau'in fallasa yana da wuyar ganewa bayan ya faru, domin kowane saƙo halal ne a ido: shaida mai kyau, adireshi mai kyau, amsa 200. Alamar tana fitowa ne kawai idan ana rubuta wa ya nemi me, a ga asusu ɗaya ya nemi rasit dubu uku masu bin juna cikin minti goma. Kamfanin da ba ya ajiye wannan tarihin ba zai iya faɗin ko an kwashi takardu ko ba a kwasa ba.

Idan ka sami ɓaraka a inda aka ba ka izini, rahoton bai buƙatar tsawo. Ka faɗi asusun biyu da ka yi amfani da su da matsayin kowanne, ka kwafo saƙon yadda ka tura shi bayan ka rufe shaidar, ka nuna amsar da abin da ke cikinta wanda ya tabbatar na ɗaya asusun ne, ka faɗi abin da ya kamata a maido. Sannan ka bayyana girman abin: karatu ne kawai ko har da canji, ana buƙatar asusu ko ba a buƙata, lambobin masu bin juna ne ko sai an samo su a wani wuri, wane irin bayani ne ke bayansu. Waɗannan su ne za su hana a jefa rahoton cikin ƙananan haɗurra. Idan suka ce sun gyara, ka sake tura saƙon nan da sabuwar shaidar Audu, domin tsohuwar tana iya ƙarewa ta ba ka 401 ka ɗauka gyara ne. Daga nan ka gwada ƙofofin da ke maƙwabtaka da wadda aka gyara, tunda hannun da ya manta a ɗaya shi ya rubuta sauran.